Igiyar cajin laftof: Ƙananan rubutun da ke faɗa maka ko za ta ɗauki nauyin kwamfutarka

A 'yan shekarun nan laftof masu caji da ramin USB-C sun cika hannun ɗalibai da ma'aikata a yankin Kazaure. Yawancinsu na hannu ne, an sayo su a Kano, ko dai a titin Beirut ko a kasuwar waya ta Farm Centre, kuma da yawa suna zuwa ba tare da cajarsu ta asali ba. Sai mai kwamfuta ya nemi kan caja daban, ya nemi igiya daban, ya haɗa. Tunda bakin igiyar iri ɗaya ne da na wayar da ke aljihunsa, yana shiga ramin laftof ɗin daram, sai ya ɗauka magana ta ƙare.

Daga nan ƙorafi yake farawa. Kwamfuta tana jone amma batir ba ya gaba, ko kuma yana ja da baya in an buɗe manhaja mai nauyi. A sa laifi a kan batir, a sa a kan wutar KEDCO, a sa a kan janareton mai shagon caji. Ba kasafai ake waiwayar igiyar ba, alhali sau tari ita ce ta rage wutar, kuma shaidar hakan tana rubuce a jikinta da ƙananan haruffa, ko kuma rashin rubutun ne shaidar.

Ga wanda yake zaune a Achilafiya, Roni, Gwiwa ko Babura, inda wuta ba ta zama kullum kuma sauya kayan da aka sayo a Kano yana cin kuɗin mota da yini guda, iya karanta wannan rubutu kafin a biya kuɗi ya fi dawowa da ƙorafi sauƙi.

Fara da ƙasan kwamfutar

Kafin a duba igiya, sai a san abin da kwamfutar take nema. Kifa laftof ɗin, ka nemi layin da aka rubuta Input ko Rating. Za ka ga lambobi biyu, ɗaya da harafin V, ɗaya da harafin A, kamar `20V 3.25A` ko `20V 4.5A`. V shi ne bolt, wato ƙarfin da ke tura wutar. A kuma amfiya ce, yawan wutar da ke bi ta cikin igiyar. Mai noman rani ya san wannan a tiyon injin ban ruwa: ƙarfin turin injin daban, yawan ruwan da tiyon zai iya ɗauka daban, kuma siririn tiyo ba zai ba ka ruwan babban tiyo ba komai girman injin.

Idan ka ninka lambobin biyu, ka samu wat. Bolt 20 sau amfiya 3.25 wat 65 ke nan, abin da yawancin laftof na ofis da na ɗalibai suke nema. Bolt 20 sau 4.5 wat 90 ne. Bolt 20 sau 5 wat 100. Lambar da ta fi shafar igiya a cikin biyun ita ce ta amfiya, domin ita ce ke sa waya ta yi zafi. Ka riƙe ta a kai: shin ta wuce 3 ko ba ta wuce ba?

Aji biyu kawai ake da su

Ƙungiyar kamfanonin da ke tsara ƙa'idojin USB, wadda ake kira USB-IF, ta fitar da tsarin USB-C a shekarar 2014. A ƙa'idar, duk igiyar da take da bakin C a ɓangarorinta biyu dole ta iya ɗaukar amfiya 3. A bolt 20, wannan wat 60 ne. Shi ne aji na farko, kuma mafi yawan igiyoyin da ke rataye a shagunan kayan waya nan suka tsaya, in ma sun cika ƙa'idar.

Aji na biyu shi ne na amfiya 5. Wannan igiya ba kaurin waya kaɗai ya bambanta ta ba. A cikin ɗaya daga kawunanta akwai wata 'yar mitsitsiyar na'ura da ake rubuta sunanta a kwali da `E-Marker`. Da zarar an jona, kafin wuta mai ƙarfi ta fara tafiya, kan caja yana tambayar igiyar ta wata siririyar waya ta musamman da ke cikinta: amfiya nawa kike ɗauka? In na'urar ta amsa da 5, sai kan caja ya sanar da kwamfuta cewa yana da bolt 20 da amfiya 5. In bai ji amsa ba, sai ya ɗauke ta a matsayin ta amfiya 3, ya rage abin da zai bayar zuwa wat 60, ko da shi kansa na wat 100 ne.

Wannan shi ne dalilin da ya sa igiya mara rubutu ba ta cika ƙona komai ba, sai dai ta jinkirta caji. Tsarin da kansa ne yake taka burki don kare ta.

A 2021 aka faɗaɗa ƙa'idar da sabon tsarin da ake rubutawa `PD 3.1`. Amfiya ba ta ƙaru ba, tana nan a 5, amma an ƙara matakan bolt uku: 28, 36 da 48. Su ne suke ba da wat 140, 180 da 240. Igiyar da za ta ɗauki waɗannan ana rubuta mata `240W` ko `EPR`, wani lokaci `48V 5A` ko `50V 5A`. Tsohuwar igiyar `100W` amfiyarta ɗaya da ta `240W`, amma ba a yi ta don bolt sama da 20 ba, don haka kan caja na wat 140 zai tsaya a wat 100 in aka sa masa ita. Ita kuwa ta `240W` tana aiki da kowace ƙaramar na'ura, har wayar hannu, ba ta tura mata wutar da ba ta nema ba.

Inda rubutun yake, da abin da yake nufi

Wuri na farko da za a duba shi ne kan igiyar, wato robar da ake riƙewa a jona. A nan kamfanonin kirki suke buga `60W`, `100W`, `240W`, `3A` ko `5A`. Rubutun ƙarami ne, wani lokaci ma ba fenti, an dai danna shi cikin robar. Karkata shi zuwa haske, ko ka ɗauki hotonsa da waya ka buɗa hoton. Tun 2021 tambarin USB-IF na igiyoyin da suka ci gwajinta lambobi biyu ne kawai na wuta, `60W` da `240W`. Igiyoyin `100W` na tsohon tsari suna nan da yawa a kasuwa kuma suna aiki lafiya.

A gefen lambar wat za ka iya ganin wata kamar `5Gbps`, `10Gbps`, `20Gbps` ko `40Gbps`. Wannan saurin kwashe bayanai ne, ba ruwansa da caji. Akwai igiyar `240W` da saurinta bai wuce na tsohon `USB 2.0` ba: tana caji da ƙarfi, amma ba za ta kai hoto zuwa babban allo ba. Akwai kuma mai `10Gbps` da ta tsaya a wat 60. Wanda caji kaɗai yake so, lambar da ke da W ko A ita ce tasa. Alamar walƙiya da lamba 4 ko 5 a kan igiya tambarin Thunderbolt ne. In ta gaskiya ce, mai lamba 4 tana ɗaukar wat 100, kuma tana da tsada, don haka in an ba ka ita da arha kamar kyauta, ka yi shakka.

Wuri na biyu shi ne jikin igiyar, inda ake buga dogon layi da ke maimaita kansa daga wannan kai zuwa wancan. Za ka ga abu kamar `AWM 80°C 30V VW-1`. Mutane da yawa suna ganin `30V` su ɗauka ƙarfin caji ne. Ba shi ba ne. Wannan layi bayanin robar da ta lulluɓe wayar ne: zafin da take jurewa, bolt ɗin da aka gwada ta a kai, da kuma cewa ta ci gwajin kama wuta. Bai faɗi komai ba game da ko akwai `E-Marker` a ciki.

Abin da ke da amfani a wannan layi shi ne lambar da ke manne da `AWG`, in an rubuta ta. Ma'aunin kaurin waya ne, kuma yana tafiya a juye: ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri. Idan ka ga lambobi biyu, kamar 28 da 22, babbar ta wayoyin bayanai ce, ƙaramar ta wayoyin wuta. Bambancin ba ƙarami ba ne. A igiya mai tsawon mita biyu, wuta tana tafiyar mita huɗu, zuwa da dawowa. In wayar wutar tagulla ce mai lamba 28 kuma amfiya 3 na bi ta ciki, kusan bolt biyu da rabi zai zube a hanya, kusan wat 8 ya koma zafi a jikin igiyar. In mai lamba 20 ce, abin da zai zube bai kai rabin bolt ba, zafin kuma ya ɗan haura wat ɗaya kawai. Ƙa'idar USB-C ba ta yarda asarar zuwa da dawowa ta wuce kashi uku cikin huɗu na bolt ɗaya ba. Shi ya sa doguwar igiya ta kirki take da kauri da nauyi, doguwa siririya kuwa abin tuhuma ce. Sai dai kaurin waje ba hujja ba ne shi kaɗai, domin roba da saƙar zare sun fi tagulla arha, kuma akwai masu sa alminiyon da aka shafe da tagulla, wanda ba ya ɗaukar wuta kamar tagulla zalla.

Tarkon 6A da 120W

Kwalayen da suka fi ɗaukar ido a shago su ne masu manyan lambobi: `6A`, `66W`, `120W`, `Super Fast`. Mai shago zai ce maka, "Wannan ai ta fi ƙarfin laftof ɗinka ma." Kafin ka yarda, duba kawunan biyu. In ɗaya babban baki ne mai kusurwa huɗu irin na filas, ɗayan kuma C, ajiye ta. Wannan igiya ba ta da hanyar da kan caja da laftof za su yi waccan tattaunawa, domin babban bakin ba shi da ƙafar da ake yin ta. Lambobin da ke kwalin na tsarin caji ne na wasu kamfanonin waya, wanda ke aiki kawai in wayar da kan cajar da igiyar duk na gida ɗaya ne. Ka sa ta a laftof, bolt 5 kawai za ta samu a yawancin lokuta, wanda ko dai ba zai yi caji ba ko ya yi kamar bai yi ba.

A ƙa'idar da laftof suke bi babu ajin amfiya 6. Akwai 3, akwai 5. Ko da igiyar C ce a kai biyu, in an rubuta `6A` kuma babu `E-Marker` mai amsawa da yaren da kan caja yake ji, wat 60 za a samu.

Igiya mara ƙa'ida tana iya wuce jinkirta caji ta kai ga ɓarna. Wani injiniyan kamfanin Google mai suna Benson Leung ya yi suna a 2015 da gwada igiyoyin USB-C da ake sayarwa a Amazon yana wallafa sakamakon. A farkon 2016 wata igiya da aka haɗa wayoyinta a karkace ta lalata masa kwamfutarsa, kuma a shekarar ce Amazon ta hana sayar da igiyoyin da ba su cika ƙa'idar ba. Kasuwanninmu ba su da irin wannan tacewa, mai saye ne da idonsa.

Mu bi misali ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka wani ɗalibi ɗan Achilafiya da ke karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure ya sayi laftof na hannu don zanen gini. A ƙasanta an rubuta `20V 4.5A`, wato wat 90. Ya sayi kan caja da aka rubuta wa `100W`. A jikinsa, cikin ƙananan haruffa, akwai jerin abin da yake bayarwa: `5V 3A`, `9V 3A`, `15V 3A`, `20V 5A`. Layin ƙarshe shi ne abin nema, kuma ya isa. Igiya kuwa ya ɗauki ta wayarsa, C a kai biyu, ba rubutu ko ɗaya a kanta.

Da ya jona, kan caja ya tambayi igiya, bai ji amsa ba, ya tsaya a amfiya 3. Kwamfutar da ke neman wat 90 ta samu 60. In a kashe take, za ta yi caji ba wata matsala sosai. Amma a ce yana aiki, kuma kwamfutar tana cin wat 45. Da wat 90 ke shigowa, 45 ne zai rage wa batir. Yanzu 15 kawai ya rage. Batirin da ke ɗaukar wat 60 na awa ɗaya, a lissafin takarda, zai cika cikin awa ɗaya da minti 20 da wat 45, amma sai ya ci awa huɗu da wat 15. A zahiri duka biyun za su ɗan fi haka, domin caji yana yin sanyi in batir ya kusa cika, amma ninkin ukun yana nan kusa. In an kawo wuta ta awa biyu aka ɗauke, ɗaya ya kusa cika batir, ɗayan bai wuce rabi ba. In kuma ya buɗe aikin da ke cin wat 75, batir ne zai riƙa cike giɓin wat 15, ya ga kaso yana sauka alhali kwamfuta na jone. Wasu kwamfutocin kuma rage gudunsu suke yi don kada hakan ta faru, sai ya ce ta fara nauyi.

Maganin wannan ɗalibi igiya ce mai `5A`, `100W` ko `240W`, ba sabon batir ba. Abokinsa mai laftof ɗin wat 65 kuwa, wanda ke neman amfiya 3.25, wat 5 kawai igiyar amfiya 3 za ta rage masa, abin da da wuya ya lura da shi. Mai ta wat 45 ba ya buƙatar ƙarin kuɗi ko kaɗan, igiyar `60W` ta kirki ta ishe shi.

Akwai iyakar da igiya ba ta gyarawa. Kan caja mai ramuka biyu ko uku yakan raba wat ɗinsa in an jona waya a ɗaya ramin. Ba kowane ramin C na laftof ne yake karɓar caji ba, wasu na bayanai ne kawai. Wasu laftof ɗin Dell suna neman wat 130 ta USB-C, bolt 20 da amfiya 6.5, wanda tsarin kamfanin ne na kansa kuma cajarsa tana zuwa da igiya a manne. Da kan caja na wani kamfani ba za a kai wannan lamba ba, komai kyan igiyar. Manyan laftof na wasanni masu wat 180 zuwa sama kuma yawancinsu ta zagayayyen raminsu na asali suke shan cikakkiyar wuta.

Rubutu na iya ƙarya, allo ba ya yi

Buga `100W` a kan roba ba ya cin kuɗi, don haka rubutu matakin farko ne, gwaji ne na biyu. Je shago da kwamfutarka da kan cajarka, batir ya yi ƙasa da rabi. A Windows, in wutar ba ta isa ba, yawanci saƙon `Slow charger` yana fitowa kusa da alamar batir. A laftof ɗin Dell, danna `F2` lokacin kunnawa, ka shiga shafin batir, za ka ga wat ɗin da ta gane a layin `AC Adapter`. A MacBook wannan umarni yana nuna shi a layin `Wattage`:

```
system_profiler SPPowerDataType
```

In kan caja na wat 100 ne, kwamfutar tana neman fiye da wat 60, kwali ya ce `100W`, allo kuma ya nuna 60, babu `E-Marker` na amfiya 5 a igiyar, ko kuma ba ya aiki. Mayar da ita nan take.

Jabun da ya fi haɗari shi ne na biyu: an sa na'urar da ke cewa amfiya 5, amma wayar ciki siririya ce. A nan burkin da ke kare igiya ya tashi, domin kan caja ya yarda da ƙaryar. Wannan hannu ne yake gane shi. Bar kwamfutar tana caji tana aiki kamar minti 15, sannan ka taɓa kawunan da tsakiyar igiyar. Ɗumi kaɗan ba laifi. In ta yi zafin da ba ka son riƙewa, ko robar ta yi laushi, ko kana jin ƙauri, ko caji yana yankewa yana dawowa, cire ta. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin yankin nan yake kaiwa digiri 40, igiyar da ta wuce da ƙyar a lokacin sanyi za ta nuna halinta. Kada a yi caji da ita a nannaɗe ko a ƙarƙashin filo. Ƙurar hunturu ma tana da nata: in ta taru a rami, baki ba ya zama daidai, wurin haɗuwar ya riƙa zafi ko da igiyar ta kirki ce. Kashe kwamfutar, ka share ramin a hankali da siririn tsinke na itace, ba allura ba.

Masu gyaran kwamfuta da masu shagunan caji a Kazaure da Babura za su amfana da 'yar na'urar gwaji da ake sakawa tsakanin caja da igiya, wadda ke nuna bolt da amfiya a ƙaramin allo. Wasu irinta har bayanin `E-Marker` suke karantowa. Tana raba gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa cikin minti ɗaya.

Ramin USB-C ba tafiya zai yi ba. Tarayyar Turai ta wajabta USB-C a kan sababbin wayoyi daga ƙarshen Disamba 2024, da kuma laftof daga Afrilu 2026, kuma kayan da suka gama aiki a can su ne suke sauka a kasuwanninmu bayan 'yan shekaru. Don haka, mai karatu, in amfiyar da ke ƙasan kwamfutarka ta haura 3 sosai, kada ka karɓi igiya sai mai C a kai biyu, mai `5A`, `100W` ko `240W` a rubuce a kanta, kuma kada ka biya sai ka jona ka ga lambar a allonka. Wadda ba ta da rubutu, ɗauke ta a matsayin ta wat 60, komai rantsuwar mai shago.